Me ya sa ƙarin tanadi ba ya dawwamar da bunƙasa a tsarin Solow?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a sashen nazarin tattalin arziki. A darasin tsarin Solow an koya mana cewa idan ƙasa ta ƙara yawan abin da take tanadi, arzikin kowane mutum zai ƙaru, amma kuma an ce saurin bunƙasarta ba zai canja ba. Yaya maganganun nan biyu za su zama gaskiya a lokaci guda? Sannan me ya sa ake haɗa lalacewar jari da ƙaruwar jama'a a wuri ɗaya cikin lissafi, alhali ba abu ɗaya ba ne? Ina neman misali da lambobi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Maganganun biyu duk daidai ne, sai dai kowacce tana bayani a kan abu dabam: ɗaya tana magana a kan matakin da kuɗin shigar ma'aikaci zai tsaya, ɗayar kuwa a kan saurin da yake ƙaruwa bayan ya isa can. Tanadi yana ɗaga matakin, kuma yana kawo bunƙasa ta gaske a tsawon shekarun da ake hawa daga tsohon mataki zuwa sabo, amma da zarar an isa, bunƙasar da ya kawo ta ƙare.

Tsarin da Robert Solow da Trevor Swan suka fitar a shekarar 1956, kowannensu a nasa ɓangaren, ya ginu ne a kan abu guda, wato cewa amfanin ƙarin jari yana raguwa gwargwadon yadda jarin yake yawaita a hannun ma'aikaci. Ka ɗauki shagon tela mai yara huɗu da keken ɗinki guda ɗaya. Ranar da aka sayo keke na biyu, ɗinkin da ake fitarwa zai kusan ninkawa, domin yaron da yake zaman jira ya sami abin aiki. Na uku da na huɗu ma za su ƙara sosai, amma na shida da na bakwai ba za su ƙara komai ba sai ɗan sauƙi a ranar da wani ya tsaya. Sai dai kowane keke, ko na farko ne ko na bakwai, yana cin allura da mai da bel, yana kuma tsufa daidai da ɗan'uwansa. Ke nan abin da keke yake ƙarawa yana raguwa, amma abin da riƙe shi yake ci ba ya raguwa. Idan kuma mai shago yana ɗaukar sababbin yara kowace shekara, dole ya sayi wasu kekunan don kawai rabon keke ga kowane yaro ya tsaya inda yake.

Wannan shi ne abin da lissafin yake faɗa. Bari k ya zama jarin da ke hannun ma'aikaci ɗaya, y abin da yake samarwa a shekara, s kason da ake tanadi a zuba jari, δ kason jarin da yake lalacewa duk shekara, n kuma saurin ƙaruwar ma'aikata. Canjin jarin ma'aikaci a shekara shi ne:

Δk = s·y − (n + δ)·k

Sashe na farko, s·y, shi ne jarin da aka zuba. Sashe na biyu, (n + δ)·k, shi ne jarin da dole a zuba don kada k ya ragu. Matsayar daidaito ita ce inda biyun suka zo ɗaya, k ya daina hawa ya kuma daina sauka. Dalilin da ya sa tabbas za a isa wannan matsaya shi ne, a zanen da aka saba yi a allo, layin s·y yana lanƙwasawa yana kwantawa saboda raguwar amfanin jari, shi kuwa layin (n + δ)·k miƙaƙƙe ne, don haka komai daɗewa sai ya cim ma na farko.

Ga misali da lambobi. Na ɗauki y = √k domin lissafin ya fita ba tare da na'ura ba, ko da yake zan dawo kan wannan zaɓi a gaba, domin yana kumbura tasirin tanadi fiye da yadda yake a zahiri. A ce ƙasa tana tanadin kashi 24 cikin 100 na abin da ta samar, jarinta yana lalacewa da kashi 5 a shekara, ma'aikatanta kuma suna ƙaruwa da kashi 3. Ke nan s = 0.24, δ = 0.05, n = 0.03. A matsaya, 0.24·√k = 0.08·k. Idan ka raba ɓangarorin biyu da √k, sai ka sami √k = 0.24 ÷ 0.08 = 3, wato k = 9, y = 3. Daga cikin 3 ɗin nan ana zuba 0.72 a jari, ana cin 2.28. Ka duba inda 0.72 ɗin yake tafiya: 0.45 yana maye gurbin abin da ya lalace daga cikin 9, sauran 0.27 kuwa yana sayen kayan aikin sababbin ma'aikata. Ba abin da ya rage da zai ƙara wa tsohon ma'aikaci jari, shi ya sa aka tsaya.

Yanzu a ce mutanen ƙasar sun ɗaga tanadi zuwa kashi 32, kuma suka ɗore a kai. Sabuwar matsaya ita ce √k = 0.32 ÷ 0.08 = 4, wato k = 16, y = 4, abin da ake ci kuma 0.68 × 4 = 2.72. Yawancin ɗalibai a nan suke tsayawa, alhali amsar tambayarka tana cikin hanyar da ke tsakanin 9 da 16.

A shekarar farko jari yana nan a 9, domin ba ya canjawa dare ɗaya, don haka abin da aka samar ma yana nan a 3. Abin da ya canja nan take shi ne rabon: zuba jari ya tashi daga 0.72 zuwa 0.96, ci kuma ya faɗi daga 2.28 zuwa 2.04. Abin da ake bukata don riƙe jarin 9 yana nan a 0.72, saboda haka an sami rarar 0.24, k ya koma 9.24, y kuma ya ƙaru da kimanin kashi 1.3 cikin 100. Wannan bunƙasa ce ta gaske a ƙasar da kuɗin shigar ma'aikacinta ya daɗe a tsaye. To amma ka dubi abin da zai faru idan k ya kai 12.25. A lokacin y = 3.5, jarin da ake zubawa 1.12 ne, wanda ake bukata don riƙewa kuwa ya hau zuwa 0.98. Rarar ta ragu zuwa 0.14, kuma ana ɗora ta ne a kan jarin da ya fi na dā yawa, don haka bunƙasar y ta sauka zuwa kimanin kashi 0.6. Idan aka kai 16, ana zuba 1.28, ana bukatar 1.28, rarar ta ƙare. Tanadin yana nan a kashi 32, ba wanda ya yi sakaci, amma duk ƙarin da aka yi ya koma hidimar riƙe jarin da ya ƙaru. Ma'aikaci ya fi dā wadata da kashi ɗaya cikin uku, saurin ƙaruwar kuɗin shigarsa kuma ya koma sifili kamar yadda yake tun farko.

Akwai abin da ba a cika jaddadawa a aji ba, kuma ni a ganina shi ne ya fi muhimmanci ga mai tunanin manufofin gwamnati, wato tsawon lokacin da wannan tafiya take ɗauka. Saurin rufe giɓin da ke tsakanin inda ake da matsaya shi ne (1 − α)(n + δ), inda α yake nufin ƙarfin jari a cikin y = k^α. A misalinmu α rabi ne, don haka 0.5 × 0.08 = 0.04, wato ana rufe kashi 4 cikin 100 na sauran giɓin kowace shekara. Da wannan sauri, sai an yi kimanin shekara 17 kafin a ci rabin hanya, wato kafin y ya kai 3.5 ɗin da muka ambata, kuma sai an kusan shekara 58 kafin a ci kashi 90 cikin 100. Shi kansa abin da ake ci, wanda ya faɗi zuwa 2.04, ba zai dawo 2.28 ɗinsa na dā ba sai bayan kimanin shekara 11. Saboda haka idan ka ji an ce tasirin tanadi a kan bunƙasa na wucin gadi ne, kada ka ɗauka ana nufin shekara biyu ko uku. Mutum zai iya fara aiki har ya yi ritaya duk a cikin wannan wucin gadin. Ƙasashen gabashin Asiya irin su Singafo da Koriya ta Kudu sun yi shekaru masu yawa suna bunƙasa cikin sauri tare da tanadi mai yawa, kuma binciken Alwyn Young a tsakiyar shekarun 1990 ya nuna cewa babban kaso na wannan bunƙasa ya fito ne daga tara jari da ƙaruwar masu aiki da iliminsu. Wannan bai saɓa wa tsarin Solow ba. Abin da tsarin ya ce shi ne irin wannan gudu zai riƙa raguwa yayin da ake kusantar matsaya.

Sai kashi na biyu na tambayarka. Gaskiyarka, lalacewar jari da ƙaruwar jama'a ba abu ɗaya ba ne, amma ga ma'aikaci ɗaya illarsu iri ɗaya ce. Ka tuna k yana nufin K ÷ L, wato jarin ƙasa duka a raba shi da yawan ma'aikata. Lalacewa tana rage na sama, ƙaruwar jama'a tana ƙara na ƙasa, kuma ko wanne ya faru, rabon kowa raguwa yake yi. Idan jari 900 yana hannun ma'aikata 100, kowa yana da 9. Idan kashi 3 na jarin ya lalace, saura 873, kowa yana da 8.73. Idan kuma jarin bai lalace ba amma ma'aikata suka zama 103, kowa yana da kimanin 8.74. Bambancin ɗan kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ake tara su a rubuta n + δ.

Mu gwada a misalinmu. Ka bar tanadi a kashi 24, ka rage ƙaruwar ma'aikata daga kashi 3 zuwa kashi 1. Yanzu n + δ = 0.06, √k = 0.24 ÷ 0.06 = 4, k = 16, y = 4. Wannan daidai yake da abin da ɗaga tanadi zuwa kashi 32 ya ba mu, amma ka dubi abin da ake ci: 0.76 × 4 = 3.04, maimakon 2.72. An isa mataki ɗaya ba tare da an matse kowa ba, domin nauyin sayen kayan aikin sababbin shigowa ne ya ragu. Idan kuma ka bar n a kashi 3 ka rage lalacewa daga kashi 5 zuwa 3, misali ta hanyar kula da hanyoyi da injuna, za ka sake samun 0.06, kuma k da y da ci duk za su fito kamar na baya. Akasin haka ma yana aiki: idan lalacewa ta hau zuwa kashi 9, n + δ ya zama 0.12, k ya faɗi zuwa 4, y zuwa 2.

Inda suka rabu shi ne a jimillar tattalin arzikin ƙasa. A matsaya, abin da ma'aikaci ɗaya yake samarwa ba ya canjawa, amma tun da ma'aikata suna ƙaruwa da n, jimillar jari K da jimillar abin da aka samar Y duk suna ƙaruwa da n. Ƙasar da ta rage n zuwa kashi 1 za ta ga jimillar arzikinta tana ƙaruwa da kashi 1 kacal a shekara, duk da cewa kowane ma'aikacinta ya fi wadata. Wadda ta rage lalacewa kuwa jimillarta tana ci gaba da ƙaruwa da kashi 3. A jarrabawa nan ne aka fi kama ɗalibai: ana tambayar bunƙasar Y su ba da ta y, ko su ce komai ya tsaya cik a matsaya. Kafin ka amsa, ka tabbatar ko ƙaramin harafi ake tambaya ko babba.

Wannan batu ya shafe mu kai tsaye. Jamhuriyar Nijar tana cikin ƙasashen da jama'arsu ta fi saurin ƙaruwa a duniya, sama da kashi 3 cikin 100 a shekara, Nijeriya kuma tana sama da kashi 2. Idan ka ji an sanar da cewa tattalin arzikin ƙasa ya bunƙasa da kashi 3, alhali jama'arta ma sun ƙaru da kusan haka, to abin da ya isa ga mutum ɗaya bai taka kara ya karya ba. Sai dai a yi hattara wajen ɗora tsarin a kan ƙasa ta gaske. Harafin n a tsarin yana nufin ƙaruwar ma'aikata, kuma an ɗauka cewa kowa ma'aikaci ne. A zahiri, idan haihuwa ta ragu a bana, yawan masu shiga aiki ba zai ragu ba sai bayan shekara 15 zuwa 20, abin da zai fara canjawa shi ne yawan yaran da kowane mai aiki yake ciyarwa. Tsarin kuma ya ɗauki s da n a matsayin abubuwan da aka ba shi daga waje, bai yi bayanin abin da yake sa iyali su yi tanadi ko su haihu ba, alhali biyun suna da alaƙa da juna da kuma kuɗin shigar kansa. Haka nan ya ɗauka cewa duk abin da aka tanada a cikin ƙasa ya zama jari a cikinta, wanda ba haka yake ba inda kuɗi yake fita waje ko jarin waje yake shigowa.

Daga nan wata tambaya takan biyo baya, kuma gara in amsa ta tun yanzu: shin ƙarin tanadi kullum alheri ne? Ga y, haka ne, domin duk ƙarin s yana ɗaga shi. Ga abin da ake ci kuwa ba haka ba ne. A misalinmu na n + δ = 0.08, tanadin kashi 40 yana ba da y = 5 da ci 3.0. Kashi 50 yana ba da y = 6.25 da ci 3.125. Kashi 60 yana ba da y = 7.5, amma ci ya koma 3.0. Idan aka kai kashi 80, y ya zama 10, ci kuwa 2 ne, ƙasa da na ƙasar da take tanadin kashi 24. Ƙololuwar tana wurin da abin da ƙarin jari ɗaya yake samarwa ya yi daidai da abin da riƙe shi yake ci, wato n + δ. Edmund Phelps ne ya fito da wannan sharaɗi a 1961, kuma ana kiransa ƙa'idar zinariya. Ga y = k^α, sharaɗin yana cika ne idan s = α, shi ya sa muka sami kashi 50. Ƙasar da ta wuce wannan iyaka za ta iya rage tanadi ta ƙara ci yau da gobe duka. Wadda take ƙasa da iyakar, kamar ƙasar misalinmu, ba ta da wannan sauƙi, domin dole wasu su ɗauki raguwar shekara 11 ɗin nan kafin na bayansu su amfana, kuma lissafi kaɗai ba zai yanke hukunci a kan ko ya dace a yi hakan ba.

Na yi alkawarin komawa kan √k. A ƙasashe da dama kason kuɗin shiga da yake zuwa ga masu jari yana wajen kashi ɗaya cikin uku, don haka α = 1/3 ya fi kusa da gaskiya. Tsarin gaba ɗaya na y a matsaya, wanda ake rubutawa da y*, shi ne:

y* = (s ÷ (n + δ))^(α ÷ (1 − α))

Idan α rabi ne, ƙarfin da ke sama ya zama 1, don haka ƙarin tanadi da kashi ɗaya cikin uku ya ɗaga y da kashi ɗaya cikin uku. Idan α = 1/3, ƙarfin ya zama rabi, sai tashi daga kashi 24 zuwa 32 ya ɗaga y da kimanin kashi 15 cikin 100 kawai, ninka tanadi gaba ɗaya kuma ya ɗaga shi da kimanin kashi 41. Ka kwatanta wannan da tazarar da ke tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta, wadda takan haura ninki 20, za ka ga cewa bambancin tanadi da ƙaruwar jama'a kaɗai ba za su iya bayanin ta ba. Gregory Mankiw da David Romer da David Weil sun gwada tsarin a 1992 da alƙaluman ƙasashe na shekarun 1960 zuwa 1985. Sun ga cewa tanadi da ƙaruwar jama'a suna tasiri ta fuskar da tsarin ya faɗa, amma ƙarfin tasirin ya fi abin da α = 1/3 zai bayar, har yana nuna α na kusan 0.6. Sai da suka shigar da ilimin ma'aikata a matsayin wani nau'in jari sannan lambobin suka daidaita, kuma saurin kusantar matsaya da suka samu yana wajen kashi 2 cikin 100 a shekara, wato rabin hanya a kimanin shekara 35.

Idan malaminku ya shigo da ci gaban fasaha, wanda ake rubutawa da g, tsarin lissafin ba ya canjawa. Ana auna jari ne ga ma'aikaci tare da ingancin aikinsa, sai n + δ ya koma n + g + δ. A sabuwar matsayar, kuɗin shigar ma'aikaci yana ƙaruwa da g, jimillar Y kuma da n + g, kuma s ba ya cikin ko ɗaya daga cikinsu. Ƙarin tanadi yana ɗaga hanyar da ake bi zuwa sama, amma gangararta tana nan yadda take.

Akwai hanyar da za ka riƙa duba aikinka da ita kafin ka miƙa takarda. A matsaya, k ÷ y dole ya yi daidai da s ÷ (n + δ), ko wane α aka ba ka. A misalin farko 9 ÷ 3 = 3, kuma 0.24 ÷ 0.08 = 3; a na biyu 16 ÷ 4 = 4, kuma 0.32 ÷ 0.08 = 4. Idan naka bai zo ɗaya ba, galibi ɗayan abu biyu ne ya faru: ko ka saka 5 da 3 a lissafi maimakon 0.05 da 0.03 alhali ka rubuta s a matsayin 0.24, ko ka juya ƙarfin, ka yi amfani da α ÷ (1 − α) wajen neman k alhali nasa 1 ÷ (1 − α) ne. Ka kuma lura ko tanadin da aka ba ka an riga an cire lalacewa daga cikinsa, domin idan an cire kuma ka sake saka δ, ka ƙidaya ta sau biyu. Idan tambayar ta zo shekara bayan shekara, da k na baɗi daidai da (s·y + (1 − δ)·k) ÷ (1 + n), matsayar ba ta canjawa, tana nan a 9 da 16, sai dai ƙarin shekarar farko zai fito 0.233 maimakon 0.24 saboda rabawar da aka yi da 1.03.